Takardar Ƙarin Kuɗin Haya: Tambayoyin Mai Gida da na Ɗan Haya

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai gida da ɗan haya a kan ƙarin kuɗi, in ka bi diddiginta, za ka tarar ba yawan kuɗin ne ya haddasa ta ba. Rana ce. Mai gida ya ce tun tuni ya faɗa, ɗan haya ya ce shi jiya ya ji. Takardar sanarwa aikinta ta kashe wannan gardama tun ba ta taso ba, amma sai an rubuta ta daidai, an kuma miƙa ta a kan lokaci. Ga tambayoyin da ɓangarorin biyu suka fi yi.

Na gaya masa da baki, ya ce ya ji. Me zai sa sai na rubuta?

Saboda "na ji" daban, "na yarda" daban. Mutum na iya ce maka ya ji don kunya, ko don kada a yi cacar baki a ƙofar gida, alhali bai ɗauki maganar a matsayin hukunci ba. Bayan wata biyu kai kana jiran sabon kuɗi, shi kuma yana ganin shawara kawai ka kawo. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinku, sai dai kowa da abin da ya riƙe.

Ban da wannan, a wurare da dama doka ba ta san sanarwar baki ba sam. In magana ta kai gaban alƙali, abin da zai fara tambaya shi ne takarda, da ranar da ta shiga hannun ɗan haya. Yi masa maganar da baki tukuna, wannan mutunci ne kuma ina goyon bayansa, domin bai dace mutumin da kuka shekara kuna gaisawa ya tsinci takarda a ƙofa ba tare da an ce masa komai ba. Amma ka bi maganar da rubutu.

Me ya kamata takardar ta ƙunsa?

Abu uku ne ƙashin bayanta: nawa ake biya yanzu, nawa za a koma biya, da ranar da sabon kuɗin zai fara. Duk takardar da ta rasa ɗaya daga cikinsu gurguwa ce. A rubuta adadin da lamba, a kuma faɗi na wane tsawon lokaci ne, na wata ko na shekara. Ranar farawa kuwa a rubuta ta cikakkiya, da kwanan wata da shekara. "Daga wata mai zuwa" ko "nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce, domin ma'anarta na sauyawa gwargwadon ranar da aka karanta takardar.

Sauran abubuwan su ne masu ɗaure takardar ga mutum da gida: cikakken sunan ɗan haya kamar yadda yake a yarjejeniya, adireshin gidan har da lambar ɗaki ko sashe, ranar da aka rubuta, da suna da sa hannun mai gida. Idan yarjejeniyar na da sashen da ya yi magana a kan ƙari, a ambace shi. A kuma ƙara jimla ɗaya mai cewa sauran sharuɗɗa suna nan yadda suke, don kada ɗan haya ya yi zaton an sake wani abu a ɓoye.

Za a iya nuna mini misali?

Ga wani. A ce kuɗin haya 40,000 ne a wata, ko da wane irin kuɗi ake biya, ana biya ranar 1 ga kowane wata, kuma yarjejeniyar ta shekara guda ce, daga 1 ga Afrilu 2025 zuwa 31 ga Maris 2026. Sashe na 7 ya ce ba za a yi ƙari ba sai da sanarwar kwana 60 a rubuce.

26 ga Janairu 2026

Zuwa ga Malam Wane, mai haya a Sashe na 2, gida mai lamba kaza, titi kaza.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai, bisa Sashe na 7 na yarjejeniyar hayar da muka sa wa hannu, cewa kuɗin hayar da kake biya zai tashi daga 40,000 a wata zuwa 46,000 a wata. Sabon kuɗin zai fara ne daga biyan 1 ga Afrilu 2026. Kafin wannan rana za ka ci gaba da biyan 40,000 kamar yadda aka saba. Ranar biya da hanyar biya da sauran sharuɗɗan yarjejeniyar duk suna nan ba sauyi. Idan kana da tambaya, ko kana so mu zauna a kan maganar, ƙofa a buɗe take.

Na gode. Suna da sa hannun mai gida.

A ƙasan kwafi na biyu sai a bar layi guda: "Na karɓi wannan takarda ranar kaza", da wurin sa hannun ɗan haya. Shi ke nan. Takardar ba ta buƙatar ta wuce shafi ɗaya. Abin lura guda shi ne akwai wuraren da hukuma ta fitar da fom nata na musamman, kamar lardin Ontario na ƙasar Kanada, inda wasiƙar da mutum ya tsara da kansa ba ta wadatar. A irin wannan wuri fom ɗin za a cika, wasiƙa sai dai ta raka shi.

Kwana nawa ne wa'adin da ya dace?

Babu adadi guda da duniya ta haɗu a kai. A Ontario kwana 90 ne. A Sikotland wata uku ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka wa'adin yana bin girman ƙarin: kwana 30 idan bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kwana 90 idan ya wuce. Wasu wuraren kuma suna duba yadda ake biya, wanda ke biya shekara-shekara a ba shi wa'adi mai tsawo fiye da mai biya wata-wata.

Don haka wuri biyu za ka duba, dokar haya ta inda gidan yake da kuma yarjejeniyar da ke tsakaninku. Idan sun saɓa, ka bi wanda ya fi tsawo. Yarjejeniya na iya ba ɗan haya fiye da abin da doka ta ba shi, amma galibi ba ta da ikon rage masa. Idan kuwa ba wanda ya ce komai a cikinsu, mafi ƙarancin adalci shi ne a ba shi cikakken zangon biya guda, kuma a ganina wata biyu ko uku ya fi. Mutumin da zai sake lissafin gidansa gaba ɗaya, ko ya nemi wani wurin ya kwashe iyali, kwana talatin ba su ishe shi ba.

Daga wace rana ake fara ƙirga kwanakin?

Nan ne masu gida suka fi tuntuɓe, har da waɗanda suka yi niyyar bin ƙa'ida. Ranar da ke saman takarda ba ita ce mafarin ƙirga ba. Kana iya rubuta ta yau ta kwana goma a aljihunka. Ana farawa ne daga lokacin da ta isa hannun ɗan haya, kuma hanyar da ta fi tsaro ita ce kada a saka ranar miƙawa cikin lissafi, a fara daga washegari.

Mu koma ga misalinmu. Mai gida yana so sabon kuɗi ya fara 1 ga Afrilu 2026, wa'adi kuma kwana 60. Da yawa za su ce ai kwana 60 wata biyu ne, sai su kai takarda 1 ga Fabrairu suna ganin sun yi daidai. Amma Fabrairun 2026 kwana 28 ne. Idan aka miƙa 1 ga Fabrairu, aka fara ƙirga daga 2 ga wata, saura kwana 27 a Fabrairu, a haɗa da 31 na Maris, an sami 58. An gaza da kwana biyu. In aka ƙirga baya daga 31 ga Maris, Maris ya ba da 31, Fabrairu ya ba da 28, sun zama 59, sai an ɗauko 31 ga Janairu kafin a cika 60. Ke nan rana ta ƙarshe da takarda za ta shiga hannun ɗan haya ita ce 30 ga Janairu. Shi ya sa mai gidan da ke cikin misalin ya rubuta tasa 26 ga Janairu, ya bar wa kansa 'yan kwanaki ko da zai je ya tarar mutumin ya yi tafiya.

A kula da kalmar da aka yi amfani da ita. Idan yarjejeniya ta ce "wata biyu", da watanni za a ƙirga. Idan ta ce "kwana 60", sai a ɗauko kalanda a bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma ta gidan waya aka aika, wasu dokoki suna ƙara kwanakin hanya. Ontario, alal misali, tana ɗaukar cewa takarda ta isa ne a rana ta biyar bayan an saka ta. Wanda zai aika ta wannan hanya a misalinmu, sai ya saka ta tun 25 ga Janairu ko kafin nan.

To idan mai gida ya makara fa?

A ce sai 10 ga Fabrairu ya miƙa. Daga 11 ga wata zuwa ƙarshen Fabrairu kwana 18, da Maris sun zama 49, saura 11. Wa'adi ya cika ke nan 11 ga Afrilu. Amma kuɗin Afrilu tun 1 ga wata ya wajaba, lokacin wa'adi bai cika ba, don haka a tsohon farashi za a biya shi. Ranar biya ta farko bayan cikar wa'adi ita ce 1 ga Mayu, kuma ita ya kamata a rubuta a takardar. Asarar mai gida 6,000 ce, ƙarin wata guda.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne ya miƙa 10 ga Fabrairu amma ya bar 1 ga Afrilu a rubuce. A wasu wurare ana matsar da ranar ne kawai zuwa inda ta dace. A wasu kuwa takardar gaba ɗayanta ta ɓaci, sai an rubuta sabuwa an sake ƙirga daga farko. In ba a gano kuskuren ba sai a tsakiyar Afrilu, sabon kuɗi ba zai fara ba sai Yuli. Wanda ya ga ya makara, ya gyara ranar da hannunsa kafin ya miƙa. Kada kuma ya yi dabarar mayar da kwanan watan takarda baya, domin ranar karɓa ce za ta tona shi, kuma daga ranar ɗan haya ba zai ƙara gaskata wata takarda tasa ba.

Yaya zan miƙa ta yadda ba za a yi musu ba? Idan ya ƙi karɓa fa?

Fara duba yarjejeniya, sau da yawa ta faɗi hanyar da za a riƙa aika sanarwa, kuma ita za a bi. In ba ta faɗa ba, hannu da hannu ya fi komai: kwafi biyu, ɗaya nasa, ɗaya ya sa hannu ya rubuta ranar da hannunsa ya dawo maka da shi. Na biyu shi ne aikawa ta gidan waya ko kamfanin kai saƙo, irin aiken da ake ba da rasit kuma mai karɓa ya sa hannu. Ajiye rasit ɗin tare da kwafin takardar.

Tura ta ƙarƙashin ƙofa, ko ba wa yaron gida ya kai ciki, su ne hanyoyin da suka fi rauni. Yaro na iya mantawa da ita a wurin wasa, kuma ba ka da abin nunawa. Idan ɗan haya ya ƙi karɓa, kada a yi rigima. Ka koma da shaida baligi wanda ba shi da wani amfani a cikin maganar, ka sake miƙawa a gabansa, ya rubuta abin da ya gani da ranar da ya gani, sannan ka aika wani kwafin ta hanyar da ke da rasit. Ƙin karɓa yawanci tsoro ne ke kawo shi, mutum yana zaton sa hannu yarda ce. In ka nuna masa cewa layin "na karɓa" kaɗai ya ce, sau da yawa zai sa.

Saƙon waya ko imel ya isa?

Ya isa idan yarjejeniya ko doka ta amince da shi. In ba haka ba, ka ɗauke shi a matsayin ƙari: miƙa takarda, sannan ka ɗauki hotonta ka tura. Waya na ɓacewa, lamba na sauyawa, saƙo na gogewa.

Yarjejeniyarmu ba ta ƙare ba. Yana da ikon ƙara mini a tsakiya?

A ƙa'ida ba shi da shi. Yarjejeniya mai wa'adi alkawari ce a kan farashi har zuwa ƙarshenta, sai fa idan akwai sashen da ya ba da damar sake duba kuɗin a tsakiya, kuma ya faɗi yadda za a yi. A misalinmu, ko da mai gida ya ba da sanarwar kwana 60 cif tun watan Satumba, ba zai sa sabon kuɗi ya fara a Disamba ba. Tsawon sanarwa ba ya karya wa'adin yarjejeniya. Haka nan wanda ya riga ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya, ba a dawowa a ce ya cika na watannin da ya biya.

Akwai iyakar abin da za a iya ƙarawa?

Ya danganta da wurin. A Jamus ba a wuce kashi 20 cikin 100 a cikin shekara uku, a garuruwan da gidaje suka yi ƙaranci ma kashi 15 ne. Wurare da dama sun hana ƙari fiye da sau ɗaya a wata 12. Wasu ba su sa iyaka ba, sai dai ɗan haya na iya kai ƙara idan ƙarin ya zarce abin da ake biya a gidaje irinsa.

Inda akwai iyaka, lissafin kaso yana da muhimmanci, kuma da tsohon kuɗi ake raba ƙarin. A misalinmu ƙarin 6,000 ne, a raba da 40,000, ya ba da kashi 15. Wanda ya raba da 46,000 zai sami kimanin kashi 13, ya ɗauka yana cikin iyaka alhali wataƙila ya haura. Shi kuma ɗan haya ya ninka ƙarin sau 12 don ya ga ainihin nauyinsa: 72,000 a shekara, kusan kuɗin wata biyu a tsohon farashi.

Dole ne in faɗi dalilin ƙarin?

A Jamus dole ne, mai gida sai ya kafa hujja, misali da farashin da aka saba biya a gidaje makamanta a yankin. A wurare da yawa ba dole ba ne. Duk da haka jimla ɗaya ta gaskiya tana sanyaya rai, kamar a ce an shekara uku ba a taɓa kuɗin ba, ko an sake rufi. Amma kada ka rubuta abin da ba za ka iya tsayawa a kansa ba. In ka ce don gyara ne, ɗan haya na da haƙƙin ya tambaye ka ina gyaran.

Yana da bashin haya a kansa. In haɗa maganar a takarda ɗaya?

A'a, raba su. Takardar ƙari daban, ta neman bashi daban, ta tashi daga gida kuma daban, kowacce da ƙa'idarta da wa'adinta. Jimla irin "in ba za ka iya ba ka tashi" tana lalata takarda ta fuska biyu: ba ta cika sharaɗin notis na tashi ba, ta kuma mai da sanarwa barazana. Haka nan ƙarin da ya biyo bayan ɗan haya ya yi ƙorafin yoyo ko lalacewar wani abu, dokoki da yawa suna kallonsa a matsayin ramuwa, kuma suna hana shi.

Ni ɗan haya ne, an kawo mini takarda. Me zan yi?

Rubuta ranar da ta zo hannunka nan take, in da ambulan ta zo ka ajiye shi. Karanta layin da ake so ka sa wa hannu. Idan "na karɓa" ya ce, sa hannu ka rubuta ranar gaskiya, ba ranar da ke saman takarda ba. Idan "na amince" ya ce kuma ba ka gama tunani ba, rubuta da hannunka cewa karɓa kawai ka yi. Daga nan ɗauko yarjejeniya da kalanda ka yi ƙirgan da muka yi a sama.

In ka ga kuskure, ko kana so a rage, ka amsa a rubuce da wuri, cikin ladabi, ka ajiye kwafi. Inda doka ta ba da damar ƙalubalantar ƙari, lokacin yin hakan gajere ne, wani wurin ma yana rufewa ranar da sabon kuɗi ya fara. Kuma duk abin da ake ciki, kada ka daina biyan tsohon kuɗin a kan lokaci. Wanda ya riƙe haya don fushi ya mai da kansa wanda ake bi bashi, ya miƙa wa mai gida hujjar da a da ba shi da ita.

Idan na fara biyan sabon kuɗin, na yarda ke nan?

Sau da yawa haka ake ɗauka, musamman in ka yi watanni kana biya ba ka ce uffan ba. Idan kana jayayya amma kana tsoron a ce ka gaza biya, sai ka biya tare da rubutacciyar sanarwa cewa ba ka janye jayayyarka ba, ka kuma karɓi rasit.

Mun zauna, ya rage mini. Sai an sake wata takarda?

Sai an sake. A ce kun daidaita a kan 43,000 maimakon 46,000. Takardar da ke hannun mai gida har yanzu 46,000 ta ce, da sa hannunka na karɓa a ƙasa. Idan aka sayar da gidan, ko ya koma hannun magada, ko aka sauya wakilin da ke karɓar haya, wanda ya zo takarda zai duba, kuma zai ga kamar ana bin ka bashin 3,000 kowane wata. Layi uku sun isa: an maye gurbin takardar 26 ga Janairu 2026, kuɗin haya 43,000 ne a wata daga 1 ga Afrilu 2026, sai ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.